Babi na Biyu: Yadda Ake Zaunar da Masana Tarihi Bisa Hujjojinsu

Duk wanda ya taɓa buɗe kundin digiri a ɗakin karatu na wata jami'a ya san yadda babi na biyu ya saba kasancewa. Shi ne babin bitar ayyukan da suka gabata, inda ɗalibi zai nuna abin da magabata suka rubuta a kan batunsa kafin shi ma ya sa baki. Sakin layi na farko zai fara da sunan wani masani da shekarar da littafinsa ya fito. Na biyu ya fara da "shi kuwa wane". Na uku ya fara da "haka nan kuma wane". Kowanne kuma sai ya ƙare da jimla iri ɗaya: wannan aiki yana da alaƙa da nawa ta fuskar kaza, amma sun sha bamban domin shi a kan Katsina ya tsaya, ni kuwa a kan Zamfara zan yi. A haka za a cinye shafi ashirin. Mai karatu zai tashi da sunaye cike da kansa, amma idan ka tambaye shi a kan me waɗannan mutane suke jayayya, ba zai iya faɗa maka ba. Sau da yawa shi kansa ɗalibin ba zai iya ba, kuma wannan ne abin da ya fi damuna, domin ya sha wahalar karatun, amfanin karatun ne bai shiga hannunsa ba.

Akwai wata hanyar, kuma wanda ya yi karatun zaure ya riga ya san ta. Malamin fiƙihu ba ya cewa yau za mu ji duk abin da Imamu Malik ya faɗa, gobe na Shafi'i. Mas'ala yake ɗaukowa, ya ce a nan malamai sun kasu uku, ga masu cewa kaza, ga hujjarsu. Ibn Rushd na Andalus, wanda ya rasu a 1198, a kan wannan tsari ya gina Bidayatul Mujtahid, har ya ƙara wani abu mai daraja: bayan ya kawo maganganun, sai ya faɗi sababin saɓanin, wato abin da ya sa tun farko suka rabu. Abin da ake nema daga ɗalibin tarihi a babi na biyu ke nan: ya kawo tambaya, ya kasa masana bisa amsar da suka bayar, sannan ya gano abin da ya raba su.

Mu ɗauki jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Babu saɓani mai yawa a kan jerin abubuwan da suka faru. Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a farkon 1804, aka gwabza a Tabkin Kwatto a wannan shekarar, Alƙalawa ta faɗi a 1808, Shehu ya rasu a 1817. Inda ake jayayya shi ne dalili: me ya tayar da wannan al'amari, kuma me ya sa mutane suka bi? A ce ɗalibarmu tana rubutu a kan Zamfara, tana son ta fahimci abin da ya sa Zamfarawa da yawa suka goyi bayan jama'ar Shehu da farko, sannan cikin 'yan shekaru suka juya mata baya. Aikinta na farko shi ne ta rubuta wannan tambaya a jimla guda ta manna ta a inda za ta riƙa ganinta. Idan babu tambaya, babu abin da za a kasa mutane a kansa, dole hannu ya koma ga jera sunaye, domin shi ne tsari ɗaya tilo da ba ya bukatar tunani.

Daga nan sai karatu, amma da wani irin rubutu a gefe. Kowane littafi ko maƙala a ba shi takarda ɗaya, kada ta wuce rabin shafi. A rubuta amsar da marubucin ya ba tambayar, cikin jimla guda, da kalmomin ɗaliba ba nasa ba. A ƙarƙashinta a rubuta irin madogarar da ya yi aiki da ita: rubuce-rubucen Larabci na masu jihadi ne, ko rahotannin jami'an mulkin mallaka, ko hira da dattawa, ko labaran matafiya irin su Clapperton da Barth. Sannan a rubuta da wa yake gardama. Wannan na uku shi ne ɗalibai suka fi tsallakewa, alhali a sauƙaƙe ake samunsa, a gabatarwar littafi da bayanan ƙasan shafi, inda marubuci yake cewa wane ya yi kuskure ko wane bai lura da kaza ba. Idan ɗaliba ta kasa rubuta jimlar farko, to ba ta gama karanta aikin ba, ko da ta kai shafin ƙarshe.

Idan takardun suka kai ashirin ko talatin, sai ta baje su a tabarma ta fara haɗa masu amsa iri ɗaya. A batun jihadi, rukunoni uku ne za su fara bayyana da kansu.

Na farko su ne masu ganin al'amarin a matsayin karɓe mulki da Fulani suka yi daga hannun sarakunan Haɓe. Wannan kallo ya yi ƙarfi a rubuce-rubucen zamanin Turawa. Arnett, da ya fitar da Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello cikin Ingilishi a 1922, sunan da ya ba aikin yana magana ne a kan ɗaukakar Fulanin Sakkwato. Hogben a littafinsa na 1930 kan masarautun Musulmi na Nijeriya ya tafi a kan cewa sau da yawa an fake da addini ne don neman mulki. Johnston, wanda shi ma jami'in mulkin mallaka ne, bai musa gaskiyar niyyar Shehu ba, amma littafinsa na 1967 sunansa The Fulani Empire of Sokoto, kuma a wannan ma'auni na ƙabila ya fi auna abubuwa. Hujjar wannan rukuni ba ta banza ba ce: kusan duk waɗanda suka karɓi tuta Fulani ne, kuma gidajensu ne suka gaji sarautun.

Na biyu su ne masu cewa gyaran addini ne ginshiƙi, kuma a nemi fahimtarsa a cikin abin da su masu jihadin suka rubuta. Abdullahi Smith, tun yana H. F. C. Smith, ya yi kira a wata maƙala ta 1961 da a ɗauki juyin Musulunci na ƙarni na 19 a matsayin babban batu a tarihin Afirka ta Yamma. Ɗalibinsa Murray Last ya zauna a Sakkwato ya yi aiki da takardun Larabci, musamman na gidan Waziri Junaidu, kuma littafinsa, wanda shi ma a 1967 ya fito, sunansa The Sokoto Caliphate. Shekara ɗaya, daula ɗaya, wani ya ce daular Fulani, wani ya ce halifanci. Ɗalibar da ta lura da wannan ta riga ta kama bakin zaren gardamar. Hiskett da littafinsa na 1973 kan rayuwar Shehu yana nan cikin rukunin, haka Muhammad Al-Hajj da ya nuna yadda jiran bayyanar Mahadi ya yi tasiri a zukatan jama'a, haka Ibraheem Sulaiman a 1986, wanda ya rubuta nasa daga cikin aƙidar, yana ganin jihadin abin koyi ne ga Musulmin yau.

Na uku su ne masu neman dalili a cikin halin rayuwa: haraji, jangali, ƙwace, bautar da 'ya'ya, da yadda tsarin sarauta ya daina ɗaukar sauye-sauyen da birane da fatauci suka kawo. Yusufu Bala Usman, a littafinsa na 1981 kan sauyin da Katsina ta yi daga 1400 zuwa 1883, ya ƙi yarda a raba mutanen wancan zamani gida biyu, Fulani da Haɓe. Ya nuna cewa wurin zama da sana'a da matsayin mutum a tsarin sarauta sun fi bayyana inda ya tsaya. Paul Lovejoy, a littafinsa na 2016, ya ɗora nauyi a kan batun bautar da Musulmi 'ya'ya da sayar da su, ya kuma saka jihadin cikin zamanin juye-juyen da duniya ta gani a ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19. Su ma suna da abin kafa hujja daga bakin Shehu kansa, domin Kitabul Farƙi ya ambaci jangali da kuɗin gari da gaisuwa cikin zaluncin da yake zargin sarakuna da shi.

Abin lura a nan shi ne sunan da za a ba kowane rukuni. Dole ya zama cikakkiyar magana wadda wani zai iya cewa "ban yarda ba". "Masu cewa ƙabila ce ta raba ɓangarorin" suna ne na rukuni. "Ayyukan da suka shafi siyasa" ba suna ba ne, kan batu ne kawai. Ɗalibai da yawa suna jin an ce a daina jera sunaye, sai su raba babin zuwa siyasa da addini da tattalin arziki da mata, sannan a ƙarƙashin kowanne su koma jera sunayen kamar da. Wannan jeri ne mai kanun labarai, ba a matsa ko'ina ba. Wani kuskuren da ya fi wannan illa shi ne kasa masana bisa asalinsu, Turawa a gefe, 'yan ƙasa a gefe. Yana da daɗin rubutawa, amma takardun da ke kan tabarma za su ƙaryata shi. Last Bature ne, amma yana cikin waɗanda suka rushe kallon ƙabilanci. Shi da Bala Usman duk sun yi karatu a hannun Abdullahi Smith, duk da haka ba wuri ɗaya suka ɗora nauyin bayaninsu ba.

Yanzu ga yadda bambancin yake a kan takarda. Mai jeri zai rubuta: "Johnston (1967) ya yi bayanin kafuwar daular da yaƙe-yaƙenta. Shi kuwa Last (1967) ya yi bayanin jihadi da tsarin mulkin Sakkwato da aikin wazirai. Haka nan Usman (1981) ya yi nazarin Katsina." Babu ƙarya a ciki, amma babu abin da aka faɗa. Mai kasawa bisa hujja zai rubuta: "Masu ganin jihadin a matsayin rinjayen Fulani sun dogara ne da sakamakonsa, wato waɗanda suka hau gadon sarauta bayan yaƙi (Hogben 1930, Johnston 1967). Raunin wannan hujja shi ne tana karanta dalili daga sakamako. Ba ta bayyana matsayin Abdussalami ba, malamin da ba Bafulatani ba, wanda harin da Gobir ta kai wa jama'arsa a Gimbana yana cikin abin da ya kunna wutar yaƙin, ba ta kuma bayyana Yakubun Bauchi ba. Wannan giɓi ne ya sa Usman (1981) ya bar ma'aunin ƙabila ya koma ga tsarin sarauta." A nan magana ce take jan ragama, sunaye suna biye da ita a matsayin shaidu, kuma jimlar ƙarshe ta buɗe ƙofar sakin layi na gaba. Muryar ɗalibar ma ta fito, ba tare da ta ce "a ganina" ba.

Sai dai adalci ya wajaba, kuma a nan ne nake ganin an fi zamewa. Wanda ya riga ya zaɓi ɓangare yakan kawo hujjar abokan gardamarsa a raunane don ya ji daɗin kayar da ita. Misalin Abdussalami da na kawo yanzu kaifi biyu gare shi. Shi ɗin dai ya yi wa Bello tawaye bayan rasuwar Shehu, aka yaƙe shi a Kware, ya rasu a 1818, kuma cikin kokensa akwai batun yadda aka raba ƙasa da muƙamai. Mai kallon ƙabila zai ce ga shi nan, wanda ba Bafulatani ba an bar shi a baya da aka zo rabo. Ɗalibar kirki za ta kawo wannan ma, a cikin sakin layin rukuni na farko, da ƙarfinsa. Ma'aunin shi ne: da marubucin da take suka zai karanta yadda ta taƙaita shi, zai ce e, haka nake nufi?

Za a sami takardun da suka ƙi zama a rukuni ɗaya. Kada a tilasta musu, domin su ne suka fi amfani. Marilyn Waldman, a maƙalarta ta 1965, ta nuna cewa abin da ya fara a matsayin wa'azi ya tara mutane masu koke iri-iri, kuma tafiyar ta sauya kama yayin da take girma. M. G. Smith, a 1966, ya tsaya a kan cewa a cikin jihadi irin wannan ba a iya zare addini daga neman iko. Waɗannan ba su zaɓi ɗaya daga amsoshin uku ba, tambayar ce suka gyara: dalilin wa ake nufi, kuma a wane lokaci? Dalilin malamin da ya bar Degel da littattafansa ba lallai ya zama dalilin makiyayin da jangali ya dama ba, kuma dalilin 1804 ba lallai ya zama na 1807 ba, shekarar da Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar rundunar cikin ɓacin rai da son duniyar da ya gani, ya nufi gabas har ya tsaya a Kano. Irin waɗannan masana wurinsu shi ne mahaɗa, inda babin yake juyawa daga wani rukuni zuwa wani. Kuma babu laifi sunan mutum ɗaya ya fito a wuri biyu ko uku, in dai a kowane wuri wata hujjarsa daban ake magana a kai. A tsarin jeri kowa sau ɗaya yake fitowa ya wuce. A wannan tsarin, Last zai iya fitowa a batun aƙida, ya sake fitowa a batun madogara.

Batun madogara kuwa shi ne sababin saɓanin da na ambata da farko, kuma shi ne sakin layin da ya fi kowanne wuyar rubutawa. Idan ɗaliba ta duba layi na biyu na takardunta, za ta ga abin mamaki: rukunonin da ta kasa bisa amsa sun kusan kasuwa bisa madogara ma. Wanda ya zauna da Infaƙul Maisuri da Tazyinul Waraƙati zai ji muryar malamai, sai addini ya cika masa ido. Wanda ya dogara da bayanan da jami'an Turawa suka tattara daga fadoji bayan 1903 zai ga gidajen sarauta da asalinsu. Wanda ya bi garuruwa yana tambayar tarihin unguwanni da kasuwanni da zuriyoyi zai ga sana'a da ƙaura. Daga nan wata tambayar take tasowa, wadda Paul Naylor ya bi a littafinsa na 2021: su waɗannan rubuce-rubuce na Shehu da Abdullahi da Bello, a wane hali aka yi su, kuma wace hujja ake kafawa da su a lokacin? Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, yana ɓangare a cikin abin da yake ba da labari, har ya saka wasiƙun da suka yi musaya da Al-Kanemi na Borno a kan halaccin yaƙin. Wannan bai rage wa littafin daraja ba, amma yana nufin labarin waɗanda aka ci da yaƙi sai an neme shi a wani wurin, a Maraɗi da Tsibiri inda zuriyar sarakunan Katsina da Gobir suka koma. Yawancin nazarin da aka yi a wancan ɓangare da Faransanci yake, kamar aikin Djibo Hamani na 1975 kan Adar da na Guy Nicolas kan yankin Maraɗi, shi ya sa kundaye da yawa a Nijeriya suke wuce shi.

Wasu ayyukan kuma ba wannan tambayar suke amsawa ba sam. Littafin Jean Boyd na 1989 kan Nana Asma'u aiki ne mai daraja, amma magana yake a kan ilimin mata da rayuwa a cikin daular, ba dalilin ɓarkewar yaƙi ba. Idan bai taɓa tambayar Zamfara ba, a bar shi, ko a ambace shi a jimla guda. Na san da ciwo mutum ya karanta littafi sukutum sannan ya ajiye shi a waje, amma yawan sunaye ba shi ne shaidar karatu ba. Su kuma littattafan masu jihadin da kansu ba a cusa su cikin rukunonin masana. Shaidu ne, wurinsu sashen madogara.

Idan daftari ya kammala, akwai gwaji mai sauƙi. A karanta jimlar farko ta kowane sakin layi kaɗai, a jere. Idan suka ba da labarin gardama mai farko da ci gaba, babin ya tsayu. Idan yawancinsu da sunan mutum suka fara, jerin ya dawo ta bayan gida. Sannan a ɗauki sakin layi biyu a sauya musu wuri. Idan babu abin da ya lalace, to babu abin da ya ɗaure su tun farko. A kuma kula da tarkon shekaru: rukunonin nan sun ɗan bi zamani, amma kada a rubuta su kamar kowane sabo ya binne na gabansa. Kallon ƙabila bai mutu ba, yana nan a jaridu da muhawarar siyasa, kuma har yanzu masu kallon addini da masu kallon halin rayuwa suna rubutu kafaɗa da kafaɗa.

Sashen ƙarshe na babin shi ne inda ɗalibarmu za ta tsaya da ƙafarta. Ba za ta ce babu wanda ya taɓa rubutu a kan Zamfara ba, domin Kurt Krieger ya fitar da tarihinta da Jamusanci a 1959, Garba Nadama kuma ya rubuta kundin digirinsa na uku a kanta a Zariya a 1977, kuma mai jarrabawa zai iya tuna mata. Abin da za ta yi shi ne ta gwada kowane rukuni da abin da ya faru a can. Shehu ya shafe kimanin shekara biyar yana wa'azi a Zamfara tun kafin hijira, wannan yana ƙarfafa masu kallon addini. Gobir ta riga ta ci Zamfara da yaƙi a ƙarni na 18, don haka akwai tsohuwar gaba da za ta sa Zamfarawa su so duk mai faɗa da Alƙalawa, wannan kuma ba ƙabilancin Fulani da Haɓe ba ne, siyasa ce tsakanin ƙasashen Hausa biyu. Sannan da rundunar jama'a ta sauka a ƙasarsu a 1805 cikin ƙarancin abinci, neman abin da za a ci ya faɗa kan manoma, zumuncin ya lalace. Babu rukunin da shi kaɗai ya bayyana shigar da fitar duka. Saboda haka za ta rubuta cewa aikinta zai bi sawun Waldman wajen tambayar dalilin wa da kuma yaushe, zai ɗauki hanyar Usman ta bin gari-gari, zai kuma karanta labarin Bello a kan Zamfarawa tare da abin da zuriyoyin garuruwan suka riƙe, domin a ga inda suka dace da inda suka rabu. Daga wannan jimla babi na uku, na hanyoyin bincike, zai tashi.